Tambayar ɗalibata ta yanke, na rubuta mata wannan saƙon: na yi kuskure?

Malama Hajara:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta tsaya min a rai tun shekaranjiya, ina so iyayenmu da yayyenmu a aikin koyarwa su duba min ita.

Ina koyar da lesin ɗin lissafi da yamma a gidanmu. Cikin yaran akwai wata 'yar aji biyu na ƙaramar sakandare, tana da ƙoƙari amma tana da nauyin baki. Ranar Talata bayan isha'i ta turo min hoton aikin gidan da aka ba su a makaranta, da wayar mahaifiyarta, ta rubuta a ƙasa: "Anti ban gane lamba 4 ba." Tambayar da Turanci take, ga ma'anarta:

Wani ɗan kasuwa ya sayi buhu 15 na masara, kowanne a kan naira 32,000. Ya biya naira 30,000 kuɗin mota da dako. Ya sayar da buhu 9 a kan naira 38,000 kowanne, sauran kuma ya sayar da su

A nan ta tsaya. Ba aya, ba komai. Ga abin da na mayar mata:

"'Yata, na ga saƙonki. Tambayar ta yanke daga ƙasa, abin da na iya karantawa na ƙarshe shi ne 'sauran kuma ya sayar da su'. Ban ga yadda ya sayar da sauran ba, ban kuma ga abin da aka ce a nemo ba, don haka ba zan yi miki kintace ba. Ki ɗan ɗaga wayar sama ki sake ɗauko min hoton. Kafin nan ki lissafa abu uku: nawa ya kashe gaba ɗaya, nawa ya samu daga buhu 9, buhu nawa ya rage. Ina jiranki har ƙarfe goma."

Na jira har goma da rabi, shiru. Jiya mahaifiyarta ta kira ni ranta a ɓace, ta ce an ba yarinyar sifili a lamba 4 kuma an tsayar da ita a gaban aji. Ta ce ai da na yi mata ko da rabi ne. Yarinyar ba ta zo lesin jiya ba. Don Allah ku faɗa min gaskiya, na yi kuskure?

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam Malama. Ni ba malami ba ne, hatsi nake sayarwa a Dawanau, amma ina da yara uku a sakandare. A ganina da kin yi mata kawai. Da babu gara ba daɗi. Wannan ai lissafin riba ne, ko makaho ya shafa ya san ribar za a ce a nemo. Ki ɗauka ya sayar da duka a kan 38,000, buhu 15 ya zama 570,000. Cire kuɗin saye 480,000, riba 90,000. Da ta kai haka aƙalla malamin ya ga ta taɓa wani abu.

Malam Nura TP:
Baban Khalifa, ka manta kuɗin mota. Jarinsa 510,000 ne, ba 480,000 ba. Kuma in da duka farashi ɗaya ya sayar, me zai sa a raba buhu 9 daban? Kalmar "sauran kuma" ita ke nuna farashin ya canza.

Baban Khalifa:
Gaskiyarka ƙanina, kuɗin mota ya shige min. To riba 60,000 ke nan. Amma maganata tana nan, a ba yarinya abin da za ta riƙe a hannu ta shiga aji da shi.

Baba Sanusi:
Hajara 'yata, barka da ƙoƙari. Na yi shekara 31 ina koyar da lissafi kafin na ajiye alli, bari in faɗi abin da na gani.

Ƙin kintacen da kika yi daidai ne, kuma ga dalili daga cikin tambayar kanta. Jarin mutumin nan 510,000. Buhu 9 sun dawo masa da 342,000. Saura 168,000 kafin ya mayar da uwar kuɗinsa, kuma buhu 6 ke gabansa. Raba 168,000 gida 6, ka sami 28,000. Wannan ita ce iyaka. In ya sayar da sauran sama da 28,000 ya ci riba, in ƙasa da haka ya faɗi. To layin da ya ɓace shi ke ɗauke da labarin riba aka ci ko faɗuwa aka yi. In an rubuta 36,500 a wurin, ribarsa 51,000, kashi 10 cikin 100 cif. In an rubuta 25,000, ya faɗi da 18,000. Ta ina malama za ta san wanne ne?

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Yankewar tambaya iri biyu ce. Wani lokaci bayani ne ya ɓace amma abin da ake nema yana nan, wani lokaci bayanin ya cika amma abin da ake nema ne ya ɓace. Na biyun yana da sauƙi, don za ka iya lissafa wa yaro abu biyu ko uku da aka saba tambaya. Taki kuwa duka biyun ne suka tafi tare. Shi ya sa Baban Khalifa, ko maganar "ribar za a ce a nemo" ba tabbas ba ce. Na sha bayar da irin wannan tambaya in juya ta, in faɗi ribar da ya samu, in ce a nemo farashin sauran. Lambobi ɗaya ne, hanyar daban.

Baban Khalifa:
Baba na ji, kuma na ƙaru da maganar 28,000 ɗin nan, haka muke yi a kasuwa in kaya ya fara kwantai. Amma yarinyar fa ita ta sha kunyar, ba mu ba.

Maman Ilham:
Ni wallahi abin da ke ƙona min rai ke nan da malaman yanzu. Yaro ya kawo tambaya sai a ce je ka nemo da kanka. Mun biya kuɗin makaranta mun biya na lesin, a ƙarshe uwa ce za ta zauna da fitila tana fama da abin da ta manta tun tana budurwa. In malami bai san amsa ba ya faɗa mana.

Malama Hajara:
Maman Ilham, Allah ya huci zuciyarki. Ba cewa na yi ta nemo da kanta ba. Rabin tambayar ne bai iso gare ni ba. Da ta iso, a cikin minti biyar za mu gama tare.

Maman Ilham:
Au, to yi haƙuri Malama, ban karanta da kyau ba. Ashe irin abin da ya faru da mu ne. Ɗana na firamare shida, ranar da bai je makaranta ba malaminsu ya turo aikin ta tes a ƙaramar wayata mai madannai. Saƙon ya zo guntu, ya tsaya a tsakiyar kalma. Muka yi abin da muka gani, ashe akwai tambaya biyu a baya. Sai washegari da rana ragowar ta shigo.

Auwal mai kwafi:
Hajiya wannan yana da dalili. Tes guda ɗaya harafi 160 yake ɗauka. Amma da zarar an saka harafi mai lanƙwasa irin ƙ ko ɗ ko ɓ, ko alamar ₦, sai ya koma 70 kacal. In saƙo ya wuce haka waya takan raba shi gida-gida ta tura, wayar mai karɓa ta haɗa. In sabis ya yi rauni wani yankin yakan makara, wata wayar sai ta nuna abin da ya iso kawai.

Malama, ke kuma ina da tambaya. Kin taɓa hoton ya buɗe gaba ɗaya? Don WhatsApp yakan datse dogon hoto a cikin hira, sai an danna shi ake ganin sama da ƙasa. Haka dogon rubutu, yakan tsaya ya sa "Read more". Yara da yawa sukan ɗauki hoton allon waya ba su danna wannan ba, su tura haka.

Malama Hajara:
Na buɗe shi Auwal, har jawo shi na yi na ƙara girma. Nan ya tsaya.

Malam Nura TP:
Ni ga tawa shawarar, in Baba zai duba min. Ina koyon aikin koyarwa ne yanzu. Me zai hana a sa wa farashin da ya ɓace harafi? A ce x. Sai riba ta zama

riba = 342,000 + 6x − 510,000 = 6x − 168,000

Ka ga an gama mata aikin ba tare da kintace ba. Da safe in ta ga farashin a takardar ƙawarta, sai ta saka a wurin x kawai. Wannan ya haɗa maganar Baban Khalifa da ta Malama.

Baba Sanusi:
Nura, lissafinka ba kuskure, kuma ina jin daɗin yadda kake tunani. In ɗan babbar sakandare ne ya turo, haka zan yi masa. Amma ka tuna wa ake rubuta wa. Yarinya ce 'yar aji biyu, ƙarfe tara na dare, da aron waya, kuma abin da ta ce shi ne "ban gane ba". Ba ta ce tambayar ta yanke ba. Ma'ana ita a zatonta kanta ne bai ja ba. In ka aika mata da x a wannan halin, ka ƙara mata tabbacin cewa abin ya fi ƙarfinta. Abu na farko da take bukatar ji shi ne, ba laifinki ba ne, tambayar ce ba ta cika ba. Hajara ta faɗi rabin wannan, ba ta faɗi ɗaya rabin ba.

Kuma x ɗinka ya ɗauka cewa farashi ne tsurarsa ya ɓace. In aka ce "da ragin kaza" ko "da faɗuwar kaza a kan kowane buhu", sai ta fara nemo x ɗin tukuna, kuma a nan ne yara suka fi zamewa.

Mushe Isuhu Damagaram:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Ni ina koyarwa a lakwal ɗin firamare nan Damagaram. Maganar Baba ta tuna mini wani gwaji da aka karanta muna lokacin da muke makarantar horon malamai. Masu binciken koyar da lissafi a garin Grenoble na Faransa, wajen 1980, sun ba yara 'yan shekara 7 zuwa 9 wannan tambaya: a cikin jirgin ruwa akwai tumaki 26 da awaki 10, shekarar matuƙin jirgin nawa? Cikin yara 97, guda 76 sun ba da amsa da lambobin da suka gani, kamar su haɗa su ce 36.

Na gwada irinta a ajina da shanu da raƙuma, kuma abin da na gani ya tsorata ni. Yaran ba wawaye ba ne. In ka tare su a waje ka tambaye su, sun san yawan dabba bai faɗin shekarun mutum. Amma a cikin aji mun koya masu cewa duk tambayar da mushe, wato malami, ya bayar tana da amsa, kuma amsar tana cikin lambobin da ke gabanka. To in malama ta cike wa yarinya gurbin da ya ɓace da kintace, wannan darasin take ƙara dasa mata. Ni a wurina abin da Malama Hajara ta yi, da ta ce a nan bayani ya ƙare, shi kansa koyarwa ne.

Baban Khalifa:
Mushe, wannan gwajin ya ba ni tsoro, yau da daddare sai na gwada nawa yaran. Amma ku duba, duk ku malamai ne, kuna kallon abin da yarinya za ta zama nan da shekara biyar. Uwarta kuwa safiyar Laraba take kallo. Ban ga wanda ya ba ni amsar wannan ba har yanzu.

Baba Sanusi:
Kana da gaskiya, kuma nan ne saƙon Hajara ya gaza. 'Yata ki yi haƙuri zan faɗa miki kai tsaye.

Kin ba ta hanya ɗaya tak, ta sake turo hoto. Ba ki faɗa mata abin da za ta yi in hakan bai yiwu ba. Data kan ƙare, caji kan mutu, uwa kan karɓe wayarta ta kwanta. Saƙo irin wannan dole ya iya tsayawa da ƙafarsa ko da shi ne na ƙarshe tsakaninku a daren. Abu ukun da kika ce ta lissafa, ba ki ce ta rubuta su a littafin aikin gida ba. Da kin ce ta rubuta 510,000 da 342,000 da buhu 6 a ƙarƙashin lamba 4, da yadda ta same su, sannan ta ja layi ta rubuta "tambayar ta yanke a nan", da ba ta shiga aji da farar takarda ba.

Wannan ba dabarar kauce wa bulala ba ce kawai. Duk wanda ya taɓa zaman duba takardun WAEC ya san makin lissafi a rarrabe yake, akwai na hanya akwai na amsa. Yaron da ya nuna matakan da ya bi yana kwasar maki ko bai kai ƙarshe ba. Wanda ya bar wuri fari ba abin da mai dubawa zai iya ba shi. Gara ta saba da wannan tun yanzu, kafin ta kai jarrabawar aji uku.

Malama Hajara:
Na karɓa Baba. Wallahi ban kawo a raina cewa ba za ta dawo ba, shi ya sa.

Auwal mai kwafi:
Malama, ki sake buɗe hoton don Allah ki duba min abu ɗaya. Can ƙasa, bayan layin ƙarshe, me kike gani? Rubutun ne ya bugi bakin hoton, ko kuwa kina ganin bakin takardar sannan wani abu a bayanta, kamar tabarma ko tebur?

Malama Hajara:
Innalillahi. Auwal akwai ɗan siririn jan abu a ƙasa, kamar ledar ɗaki. Bakin takardar ya fito. Har ina ganin kawunan wasu haruffa a daidai bakin, kamar an yanka layin a tsakiya.

Auwal mai kwafi:
To ba hoton ne ya yanke ba, takardar ce. Ko sau goma ta sake ɗauka abin da za ki gani ke nan.

Ina ganin wannan kusan kullum a shago. Malami ya rubuta tambayoyi da hannu a doguwar takardar fulskaf, ya cika ta har ƙasa. Fulskaf tsawonta wajen santimita 33 ne, A4 kuwa 29.7. In aka ɗora aka danna kawai, injin zai kwafi abin da ya shiga A4, santimita uku da ɗoriya na ƙasa su tafi. A takarda mai layi wannan kusan layi huɗu ne. Maganinsa a rage girman zuwa kashi 90 kafin a buga, duka shafin sai ya shiga. Amma in yaro aka aiko yana sauri, mai shago kuma layi ya yi masa yawa, ba mai dubawa. Ni yanzu in an kawo min fulskaf, kwafi ɗaya nake fara fitarwa in haɗa ƙasansa da na asali kafin in buga sauran.

Malam Nura TP:
Amma in haka ne ai duk ajin abin zai shafa, malamin kuma da ya gane. Me ya sa ita kaɗai aka tsayar?

Auwal mai kwafi:
Ba lallai ba. Sau da yawa kwafin farko yana fita daidai, sai a ga bai isa ba a aika a ƙaro goma a wani shagon.

Maman Ilham:
Allah sarki yarinya. Ka ga an ce ta sake ɗauko hoto, ta duba takardarta ba wani abin da za ta ɗauko. Mai nauyin baki ba za ta iya ce wa antinta "ai haka take" ba. Ni na san irinsu, tawa babbar haka take, sai ta shige ɗaki ta yi ta kuka.

Malama Hajara:
Wannan maganar ta taɓa ni Maman Ilham. Gobe Juma'a ba lesin, amma zan je gidansu da kaina bayan la'asar.

Mushe Isuhu Damagaram:
Allah shi ba da sa'a. In kin je ki duba littafinta na gwaji, ina zaton ta yi abu ukun nan.

Malama Hajara:
Jama'a na dawo, ga yadda ake ciki.

Auwal, maganarka ce. Takardar a yanke take. Ta ce kwafin bai isa ba, aka aiki mai kula da aji ya ƙaro, ita tana cikin waɗanda suka sami na baya. Su da yawa sun kwafi ƙarshen daga abokansu da safe kafin a shiga aji, ita kuma ta makara saboda ɗiban ruwa. Mushe, kai ma ka canka. Ta ɗauko min wani tsohon littafi, a bangon baya ta rubuta 510,000 da 342,000 da 6 da fensir, duka daidai, har ta ja musu layi biyu a ƙasa. Na ce me ya hana ki sa a littafin aiki? Ta ce ai ba a gama ba, ta ɗauka ba a kai aikin da ba a gama ba. Na ce me ya hana ki faɗa wa malamin takardarki a yanke take? Ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta.

Na ba ta haƙuri a gaban mahaifiyarta, na ce ni ce ban duba hoton da kyau ba. Mun aika ƙaninta gidan ƙawarta ya karɓo cikakkiyar takardar. Ga ƙarshen tambayar: sauran kuma ya sayar da su da ragin kashi 10 cikin 100 a kan farashin asali. Nemo ribarsa ko faɗuwarsa, kashi nawa ce cikin 100.

Muka yi tare. Kashi 10 na 38,000 shi ne 3,800, kowane buhu ya koma 34,200. Buhu 6 ya ba da 205,200. A haɗa da 342,000, cinikinsa 547,200. A cire jari 510,000, riba 37,200, wato kusan kashi 7.3 cikin 100. Ita ta yi rabawar ƙarshe da hannunta.

Malam Nura TP:
Alhamdulillahi. Na saka 34,200 a wurin x, ya ba ni 37,200 daidai. Amma na yarda Baba, ragi ne aka bayar ba farashi ba, da sai ta tsaya neman x ɗin.

Baban Khalifa:
To ni 60,000 na ce, ashe na yi nisa. Na janye kintacen. Amma Malama tsaya, ina da ja a kan lissafin nan. Kin ce "farashin asali". A kasuwa in aka ce asali, kuɗin da ka sayo kaya ake nufi, wato 32,000. In mutum ya ce na karyar da sauran ƙasa da asali, yana nufin ya sayar ƙasa da yadda ya saya. Kashi 10 na 32,000 shi ne 3,200, buhu ya koma 28,800. Shida ya zama 172,800, ciniki duka 514,800. Ribarsa 4,800 ce kawai, ko kashi 1 ba ta kai ba. Wa ya ce 38,000 ne asali?

Malama Hajara:
Kalmar ragi ce ta sa na ɗauki 38,000. A darasin da ake koya musu, ragi daga kuɗin da aka sa wa kaya na sayarwa ake cire shi. Mai sayarwa ne ke yi wa mai saye ragi.

Baban Khalifa:
Na ji, amma da sai ya ce farashin da ya sayar da na farko. Me ya kawo asali?

Baba Sanusi:
Ni ma 38,000 zan ɗauka, saboda dalilin da Hajara ta faɗa. In da kuɗin saye yake nufi, da faɗuwa zai ce ba ragi ba, kuma littattafan yaran suna da suna na musamman ga kuɗin saye wanda malamin lissafi ba zai kauce masa ba. Amma ba zan ce Baban Khalifa ya yi kuskure ba. Tambayar tana da farashi biyu kafin a zo wannan layin, kuma wanda ya fara zuwa shi ne 32,000. In yaro ya kawo min 4,800 da matakansa a rubuce, ba zan iya soke shi da jan biro hankalina kwance ba.

Mushe Isuhu Damagaram:
Ni kam ina bayan mai hatsi. Yaron da ubansa ke kasuwa, asali a kunnensa kuɗin saye ne. Me ƙawar tata ta samu, kuma malamin ya ba ta maki?

Malama Hajara:
Littafin ƙawar yana wurin malamin, bai dawo da su ba tukuna. Ita ƙawar ta ce yayanta ne ya taya ta, ba ta tuna amsar ba.

Baba, na sake rubuta saƙon yadda ya kamata in tura tun ranar Talata, don in ajiye shi saboda gaba. Ka duba min:

"'Yata, ba ke ce ba ki gane ba, tambayar ce ba ta cika ba. Ta tsaya a 'sauran kuma ya sayar da su'. Duba takardarki: akwai rubutu bayan wannan? In akwai, karanto min da murya. In babu, ki tambayi wata 'yar ajinku. In ba ki samu ba, ki rubuta a littafin aikinki nawa ya kashe, nawa ya samu daga buhu 9, buhu nawa ya rage, sannan ki rubuta 'takardata ta yanke a nan', ki nuna wa malam takardar kafin a fara darasi."

Baba Sanusi:
Ya yi. Karantowa da murya ta fi sake hoto, don ba ta cin data sosai kuma tana tilasta mata ta duba takardar da idonta. Abu ɗaya zan ƙara saboda irin wannan yarinyar. Layin ƙarshe shi ne mafi wuya a gare ta, tunkarar malami. Ki ce mata in ba za ta iya magana ba, ta maƙala takardar a cikin littafin a daidai shafin, ta naɗe bakin da ya yanke yadda zai gani da ya buɗe.

Malama Hajara:
Zan ƙara. Ranar Litinin kuma zan ba ta 'yar takarda ta kai wa malamin nasu, da yankakken kwafin a ciki, in roƙe shi ya sake duba mata lamba 4. Zan kuma tambaye shi wanne yake nufi da farashin asali, 38,000 ko 32,000. Mahaifiyarta ta ce za ta raka ta har bakin ofis. Abin da ya ce zan kawo muku nan.

Baban Khalifa:
Muna jira Malama. Ki tambaye shi kuma ko ya lissafa kuɗin mota a cikin jari, don in bai sa ba amsarsa za ta bambanta da taku duka.